Tsohon ogana ya zama darakta: in taya shi murna, ko zai ce gaisuwa da roƙon iri?

Tambaya: Ni akanta ne. Na yi shekara 4 a ƙarƙashin wani oga da ya koya mini aiki sosai. Daga baya na koma wani kamfani, shi ma ya bar wurin. Yau shekara 3 ke nan ko gaisawa ba mu yi ba, kuma ba wani saɓani ne ya raba mu ba. Shekaranjiya na gani a LinkedIn an naɗa shi daraktan kuɗi a wani babban kamfani. Ina so in taya shi murna, amma gaskiya ina neman canjin aiki, kuma ina tsoron ya ce sai yanzu na tuna da shi. In rubuta masa? In sako maganar aikin ko in yi shiru?

Amsa: Ɗan'uwa, rubuta masa, kuma kada ka bari mako biyu su wuce. Sai dai saƙo biyu za ka rubuta, ba ɗaya ba, kuma tsakaninsu a samu tazarar mako 6 zuwa 8. Na farko taya murna ce zalla, babu roƙo a ciki ko na sisin kwabo. Na biyu shi ne zai ɗauki maganar aiki, a fili, ba tare da kewaye-kewaye ba. Yawancin waɗanda abin ke lalace musu a irin wannan hali, haɗe biyun suka yi a saƙo guda, sai roƙon ya cinye murnar.

Kafin ka rubuta komai, buɗe shafinsa ka duba abu biyu. Na ɗaya, watan da ya fara aikin. Sanarwar da LinkedIn ke turowa tana fitowa ne lokacin da mutum ya sabunta shafinsa, ba ranar da ya kama aiki ba, kuma mutane da yawa sai sun zauna daram a kujerar suke sabuntawa. Mai yiwuwa abin da ka gani shekaranjiya ya faru tun wata 4 da suka wuce. Idan haka ne, "Allah ya sa a fara a sa'a" ba ta dace ba, kuma ba sai ka yi dogon jira kafin saƙo na biyu ba, mako 2 ko 3 sun isa. Na biyu, ainihin sunan muƙamin. Darakta daban, mataimakin darakta daban, mai riƙon ƙwarya daban. Wanda ke riƙon ƙwarya idan ka taya shi murnar tabbata, ka sa shi cikin wahalar yi maka gyara, kuma ka nuna masa kanun labarin kawai ka karanta. A naka lamarin alamu sun nuna ci gaba ne, amma ga mai karatun da ya ga wani ya bar babban kamfani ya koma ƙarami, ko ya rubuta cewa ya fara aikin kansa, a yi hattara da kalmar "ƙarin girma". Wani lokaci sallama ce ta jawo canjin. "Na ga ka fara sabon aiki, Allah ya sanya alheri" ta wadatar a kowane hali.

Game da lokaci, kwana biyu ko uku na farko bayan sanarwa saƙonni ne ke yi masa ruwa, kuma yawancinsu kalma ɗaya ce da aka latsa. Duk abin da ka aika a wannan tsakanin zai samu "na gode" irin wadda kowa ya samu. Daga kwana na 4 zuwa na 14 hayaniyar ta lafa, labarin kuma bai tsufa ba. Tunda shekaranjiya ka gani, jibi ko gata ya yi daidai.

Kada ka latsa maɓallin nan na Congrats da manhajar ke ajiye maka, kuma kada sharhi a ƙarƙashin sanarwar ya zama shi ne duk abin da ka yi. Sharhi a bainar jama'a ba laifi ba ne, amma ba ya buɗe hira. Saƙo na kai tsaye kake buƙata, ta hanyar da kuka saba magana a da. Idan WhatsApp ne, to ka fara hawa sama ka karanta abin da kuka rubuta wa juna na ƙarshe, domin shi ma abin da zai fara gani ke nan a saman sabon saƙonka. Idan na ƙarshen nasa ne kuma ba ka amsa ba, sai ka ambaci hakan da jimla ɗaya. Idan naka ne kuma roƙo ne, misali ka nemi ya rubuta maka takardar shaida, ya rubuta, kai kuma ba ka dawo ka faɗa masa yadda ta kaya ba, to godiyar nan ita ce bashin da za ka fara biya. Adireshin imel ɗinsa na tsohon kamfani ya mutu, na sabon kamfanin kuma kada ka ƙirƙiro shi da hasashe, don wannan akwatin na aiki ne kuma wani lokaci ba shi kaɗai ke buɗe shi ba. Kiran waya ba sanarwa bayan shekara 3 yana tilasta masa ya tuno ka nan take, wataƙila a tsakiyar taro. Saƙon murya ma haka, sai ya nemi wurin saurare. Rubutu ya fi, kuma a dunƙule guda. Kada ka aika sallama kaɗai ka zauna jiran amsa kafin ka ci gaba, mai sabon muƙami ya san abin da ke biyo bayan irin wannan sallamar.

Ga yadda saƙon zai iya kasancewa, sai ka sauya bayanan da naka na gaskiya:

"Assalamu alaikum Yallabai. Wane ne, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinka a sashen kuɗi na kamfani kaza. Na ga labarin naɗinka daraktan kuɗi, na yi farin ciki ƙwarai. Allah ya sanya alheri, ya taya ka riƙo. An kwana biyu ba mu gaisa ba, laifina ne. Har yau tsarin da ka koya mana na daidaita lissafin banki kowace Juma'a maimakon jiran ƙarshen wata shi nake bi, yanzu ma ni ke koya wa na ƙasa da ni a inda nake. Na san aiki ya yi yawa a 'yan kwanakin nan, ba sai ka amsa ba. A gaida iyali."

Saƙon bai kai kalma 100 ba, kuma kowace jimla da aikinta. Ka faɗi sunanka da inda kuka haɗu ko da kana ganin ba zai manta ka ba, domin mutum ya kan canja waya lambobi su ɓace, kuma tambayar "wa ke magana?" tana kashe hira tun ba ta fara ba. Maganar daɗewa ba a gaisa ba jimla ɗaya aka ba ta. Wannan wuri ne da mutane ke zamewa: su cika layi biyar da ban haƙuri da bayanin yadda hidima ta yi musu yawa, har saƙon ya tashi daga murnarsa ya koma kan laifinsu, shi kuma ya ga dole ya lallashe su. Shirun na ku biyu ne, shi ma bai neme ka ba, kuma babu wanda ke riƙe da wani a zuci kan haka.

Jimlar da ta fi kowace nauyi ita ce ta daidaita lissafin banki. Ita ce kaɗai abin da babu wanda zai iya rubutawa sai wanda ya yi aiki da shi. Mutum ɗari za su ce masa "ka cancanta", amma wanda ya tuna masa wani abu takamaimai da ya koyar, ya kuma nuna masa abin yana raye har yau, shi ne zai tsaya a ransa. Ka zauna ka nemo naka: ranar da masu binciken kuɗi suka zo ya tsaya maka, ko yadda ya rage kwanakin rufe asusun ƙarshen wata, ko wani gyara da ya yi maka a rahoto wanda ba ka sake yin kuskurensa ba. Abu ɗaya ya isa, kuma ya zama ya faru da gaske. Ka lura kuma jimlar ta yi maka wani aiki a kaikaice: ta sanar da shi kana nan a fagen, har kana da na ƙasa da kai, ba tare da ka yi tallar kanka ba.

"Ba sai ka amsa ba" kuwa tana sauke masa nauyi, kuma sau da yawa ita ce ke jawo amsar. Abin da ba a so ya shiga saƙon nan shi ne "a riƙa tunawa da mu", ko "yanzu kam mun samu na sama", ko da da wasa ne. Roƙo ne da ba shi da siffa, bai san me zai yi da shi ba, kuma ya riga ya ji shi daga bakin mutane da dama a makon. Haka kirari mai yawa. Wanda ya san ka a matsayin akanta mai lissafi, idan ya ga kana zuba masa yabo kamar maroƙi, zai fara neman inda buƙatar take.

To, ko wannan ba yaudara ba ce, tunda akwai buƙata a ranka? Ba yaudara ba ce muddin abin da ka rubuta gaskiya ne, kuma idan an tambaye ka ba ka ɓoye ba. Wanda ya kai matsayin darakta ya san sabon muƙami yana dawo da tsofaffin fuskoki, shi ma ta hannun mutane ya hau. Abin da ke ɓata rai ba buƙatar ba ce, a'a, a gaishe ka da safe a miƙo takardu da rana. Akwai ma binciken da ya shafi halin da kake ciki. A 2011 Daniel Levin da Jorge Walter da Keith Murnighan sun wallafa wani nazari inda suka sa manajoji su koma su nemi shawarar mutanen da suka yi aƙalla shekara 3 ba su yi magana da su ba, kan wani aiki da ke gabansu. Shawarar da suka samo ta kai ta waɗanda suke hulɗa da su kullum amfani, sau da yawa ma ta fi. Dalilin a bayyane yake: amanar da aka gina a da ba ta gushe ba, amma mutumin ya shiga wasu wurare ya san abin da kai da na kusa da kai ba ku sani ba.

Dalilin jiran mako 6 zuwa 8 ba kunya ba ce, lissafi ne. A makonninsa na farko sabon darakta bai san sashensa ba tukuna. Yana karanta rahotannin da ya tarar, yana gane wa ke aiki wa ke fakewa, yana koyon halin shugaban kamfanin. A wurare da yawa shi kansa yana cikin wa'adin gwaji na wata 3 zuwa 6. Ko yana son taimakonka, bai san gurbin da ke akwai ba, kuma idan ya fara da jawo tsofaffin yaransa, waɗanda ya tarar za su sa masa ido. Idan ka roƙe shi a lokacin, amsar da za ka samu ita ce "bari mu gani", kuma ka ƙone damarka a banza, don roƙo na biyu ya fi na farko wuya. Bayan wata biyu kuwa, ya rufe asusun wata sau biyu da mutanen da ya gada, ya ga inda lissafi ke makalewa, ya fara tunanin wa zai iya toshe wurin. A lokacin nan kake so sunanka ya kasance sabo a ransa. Ga wanda har yanzu yake aiki a kamfanin da ogan ya baro kwanan nan, akwai ƙarin dalili: wasu manyan ma'aikata suna sa hannu a yarjejeniyar cewa ba za su janye ma'aikatan tsohon kamfaninsu ba har wani lokaci, don haka shirunsa kan maganar aiki ba lallai ƙi ba ne.

Amsar da zai bayar ita za ta nuna maka mataki na gaba. Idan "na gode sosai, Allah ya bar zumunci" ce kawai, to an buɗe ƙofa daidai gwargwado. Ka ce amin, ka tsaya nan, kada ka ja hirar. Idan ya ƙara da tambaya, "kana ina yanzu?" ko "ya aikin?", ka amsa da jimla biyu ko uku: sunan kamfanin, muƙaminka, abin da ke hannunka. Kada ka kushe wurin aikinka, don zai auna yadda za ka yi maganarsa wata rana. Idan kuwa ya tambaye ka kai tsaye ko kana jin daɗin wurin, ko kana da niyyar motsawa, to shi ya buɗe maganar, jira ya ƙare. Ka ce masa, "Gaskiya Yallabai na fara duba gaba, ina neman inda zan riƙe sashe gaba ɗaya. In ka samu sarari nan gaba zan so in ji shawararka." Wanda ya ce "lafiya lau, komai daidai" a nan, sannan ya dawo bayan wata biyu da neman aiki, shi ne ya yi abin da kake tsoro.

Saƙo na biyu ya fi na farko gajarta, kuma jimlar farko ko ta biyu ta faɗi abin da ya kawo ka:

"Yallabai barka da aiki, da fatan an saba da sabon wuri. Wata shawara nake nema. Na shekara 3 a matsayin babban akanta, ina shirin neman muƙamin manajan kuɗi cikin watanni masu zuwa, kuma kai ka fi kowa sanin aikina. Ko zan samu minti 15 a waya, duk ranar da ta yi maka a mako mai zuwa ko na bayansa? Wurin aikina ba su san da maganar ba tukuna, don haka tsakaninmu ne."

Shawara ka nema, ba aiki ba, kuma akwai dalili. Aiki abu ne da wataƙila ba ya hannunsa, idan ka roƙa ba shi da shi, sai ya rasa abin faɗa ya yi shiru. Shawara kuwa yana da ita kullum, kuma tunda ka faɗa masa a fili kana neman canji, idan akwai gurbi a wurinsa shi zai ambata da kansa. Minti 15 ɗin ma ka riƙe shi da gaske. Ka shirya tambaya biyu ko uku: me yake dubawa idan zai ɗauki manajan kuɗi, wane gibi yake gani a gogewarka, wa kuma yake ganin ya kamata ka yi magana da shi. Ta ƙarshen nan ta fi sauran daraja, domin darakta ya san takwarorinsa a wasu kamfanoni da masu binciken kuɗi da ke yawo ofis-ofis, kuma aikin da za ka samu ta dalilinsa ba lallai ya kasance a kamfaninsa ba. Idan lokacin ya cika ka ce, "Yallabai na ci minti 15 ɗin da na roƙa," in yana so ya ci gaba zai faɗa. Takardar bayanan karatunka da aikinka kada ka liƙa ta a saƙon, amma ta kasance a shirye, domin in ya ce ka turo, a ranar ya kamata ta isa. Idan ya haɗa ka da wani, ka dawo masa da labarin yadda kuka yi, ko abin ya yiwu ko bai yiwu ba. Rashin yin hakan ne ke mayar da mutane cikin wani shirun na shekara 3.

Hali ɗaya ne zai sa ka karya tsarin jiran. Idan kamfanin nasa ya riga ya tallata gurbin da ya dace da kai kuma za a rufe karɓar takardu kafin mako 6 ɗin su cika, kada ka bar gurbin ya wuce saboda kara. Ka aika taya murnar, ka shigar da takardunka ta hanyar da kamfanin ya tsara kamar kowa, sannan bayan 'yan kwanaki ka sanar da shi a saƙo na daban: "Yallabai, don kada ka ga sunana kwatsam, na nemi gurbin manajan kuɗi da kamfaninku ya tallata. Tallar na gani na nema, ba ina roƙon a yi mini wata alfarma ba ne, na dai ga bai kamata ka ji a wani wuri ba." Wannan ya ba shi zaɓi. In yana so ya yi magana a kanka zai yi, in kuma dokar kamfanin ta ce ya bayyana cewa ya san ka ko ya janye daga masu tantancewa, ka ba shi lokacin yin hakan.

Idan saƙon farko bai samu amsa ba, kada ka karanta komai a ciki, kai ka ce ba sai ya amsa ba, kuma alamar an karanta saƙo ba ta nufin an samu sukunin amsawa. Kada ka bi shi da "Yallabai ko ka ga saƙona?" Ka jira mako 6 zuwa 8 ɗin, ka aika na biyu yadda yake, in da hali ta wata hanyar daban, don mutane da yawa sai su yi makonni ba su buɗe akwatin saƙonsu na LinkedIn ba. Idan na biyun ma ya yi kwana 10 shiru, tuni guda mai layi ɗaya ya halatta. Bayan wannan ka tsaya, ka juya ga sauran waɗanda kuka yi aiki tare a wancan sashen, ka duba su waye suka canja wuri a 'yan watannin nan, ka bi da su ta wannan tsarin.